Waƙafi Ɗaya a Gaban “which”: Yadda Ake Gane Wanda Doka Ta Kama da Wanda Ta Bari

A ce ka isa tasha da sassafe ka tarar an rubuta a allo: “Direbobin layin Kano da ba su biya kuɗin ƙungiya ba ba za su yi lodi yau ba.” Duk direban da ya karanta ya san matsayinsa. Wanda ya biya ya ja motarsa ya shiga layi, wanda bai biya ba ya nufi ofis da kuɗinsa a hannu. To a ce mai rubutun ya sa haka: “Direbobin layin Kano, waɗanda ba su biya kuɗin ƙungiya ba, ba za su yi lodi yau ba.” Yanzu magana ta canza. An hana direbobin layin Kano gaba ɗayansu, kuma an faɗa maka a kan hanya cewa dukkansu ba su biya ba. Wanda ya biya jiya yana da dalilin ɗaga murya, domin an haɗa shi da marasa biya, sannan an yi masa shaidar da ba ta dace da shi ba.

Masu nazarin nahawun Hausa suna kiran yankin jimla irin “da ba su biya kuɗin ƙungiya ba” ganga. A jimlar farko gangar rariya ce, tana tace direbobi, wasu su wuce wasu su tsaya. A ta biyu ba ta tace kowa, ƙarin bayani kawai take yi a kan mutanen da an riga an san su. Bahaushe yana jin wannan bambanci a kunne tun kafin ya koyi rubutu. Idan muna tacewa, yawanci mukan manna “da” a jikin suna mu zarce ba numfashi: yaron da ya zo, motar da ta lalace. Idan ƙarin bayani ne sai mu ɗan dakata, mu kawo “wanda” ko “wadda” ko “waɗanda”, mu sake dakatawa bayan mun gama.

Turanci ma yana da wannan rabo, kuma da yake da Turanci ake rubuta dokokin Nijeriya da Ghana da Birtaniya da Amurka, duk mai karanta doka ko fassara ta dole ya san yadda abin yake a can. Kalmomin da ke buɗe gangar su ne “that” da “which”. Abin da ake koya wa ɗalibai a taƙaice shi ne “that” ta tacewa ce kuma ba a sa mata waƙafi, “which” ta ƙarin bayani ce kuma da waƙafi take zuwa. Wannan koyarwa tana da amfani ga mai rubutu. Ga mai karanta doka kuwa tarko ce, kuma dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Asalin ƙa'idar shawara ce. Wani masanin Turanci ɗan Birtaniya, H. W. Fowler, shi ne ya fi yayata ta a 1926. Ya ce da marubuta za su yarda su raba aikin tsakanin kalmomin biyu, da rubutu ya fi fita sarari, amma shi da kansa ya amsa cewa yawancin marubuta, har da gwanayensu, ba haka suke yi ba. Editocin Amurka suka karɓi shawarar suka mayar da ita doka a gidajen ɗab'i. Masu tsara dokoki a Birtaniya kuwa suka ci gaba da amfani da “which” wajen tacewa kamar yadda suka gada, kuma salonsu ne ya iso Nijeriya. Hatta a Amurka, tsofaffin dokokin tarayya cike suke da “which” mai tacewa.

Ba sai an je nesa ba. Buɗe Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 4. Ƙaramin sashe na 9 ya ce majalisa ba ta da iko, a kan abin da ya shafi laifi, ta yi

“any law which shall have retrospective effect”

wato dokar da za ta koma baya ta kama abin da aka aikata kafin a kafa ta. Ga “which” nan, kuma tacewa take yi. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: ka cire gangar ka ga abin da ya rage. Idan ka cire ta a nan, sauran jimlar zai ce majalisa ba ta da ikon yin kowace doka a kan laifi, wanda ba mai hankalin da zai ce haka ake nufi. Tunda jimlar ta rushe da aka zare gangar, ashe ginshiƙi ce, ba ado ba. Ganga mai ƙarin bayani kuwa ana zare ta hukuncin ya tsaya yadda yake, kan mutanen da yake kai tun farko.

Gaskiyar tsarin Turancin, to, ba rabo ne biyu daidai ba. A Turancin yau “that” kusan kullum tacewa take yi. “Which” tana aikin biyu, kuma akwai wuraren da dole ita za a sa ko da tacewa ake yi, kamar “in which” da “of which”, domin ba a cewa “in that” da wannan ma'ana. Saboda haka in ka ga “that” ka kusa samun amsa. In ka ga “which”, kalmar ba ta gaya maka komai ba tukuna, sai ka duba ko akwai waƙafi a gabanta.

Wani misali daga siyasar Amurka yana nuna nauyin wannan waƙafi. A 1984, lokacin da jam'iyyar Republican ke shirya kundin manufofinta don taron Dallas inda ta sake tsayar da Ronald Reagan, daftarin ya ce jam'iyyar tana adawa da “any attempts to increase taxes which would harm the recovery”. Ba waƙafi. Ma'anarsa tana adawa da ƙarin harajin da zai cutar da farfaɗowar tattalin arziki, wanda ya bar ƙofa a buɗe ga ƙarin harajin da ba zai cutar ba. 'Yan kwamitin da ba sa son ƙarin haraji ko na sisi suka matsa aka sa waƙafi bayan “taxes”. Da wannan waƙafi jimlar ta koma adawa da kowane ƙarin haraji, tare da iƙirarin cewa kowanne cutarwa zai yi. Ba a taɓa kalma ko ɗaya ba.

Wannan shi ne aikin waƙafi na farko, kuma shi aka fi sani. Aikinsa na biyu ya fi jawo shari'a: idan an jera abubuwa biyu ko uku sannan ganga ta biyo baya, har ina hannunta ya kai? Na ƙarshen kaɗai ta kama, ko duk jerin? A nan ina so in tsaya a kan shari'a guda, domin a cikinta ana ganin komai.

Pauline Thomas ta yi shekara shida tana aikin tuƙa lif a Amurka, wato ita ke tsayawa cikin na'urar hawa bene tana kai mutane sama da ƙasa. A 1995 aka soke aikin. A 1996, tana da shekara 53, ta nemi tallafin naƙasa daga hukumar jin daɗin jama'a ta tarayya, bisa ciwon zuciya da ciwon wuya da baya. Dokar da ta tsara wannan tallafi ta ce ba a ɗaukar mutum a matsayin naƙasasshe sai lalurarsa ta tsananta har ya zama

“not only unable to do his previous work but cannot, considering his age, education, and work experience, engage in any other kind of substantial gainful work which exists in the national economy”

Sharaɗi biyu ke nan. Na farko, ya kasa yin aikinsa na da. Na biyu, in an duba shekarunsa da iliminsa da gogewarsa, ya kasa yin wani aikin dabam mai kawo abin masarufi. Sai gangar ta zo a ƙarshe: “which exists in the national economy”, wato wanda ake samu a tattalin arzikin ƙasa. Ka lura “which” ce, ba waƙafi, kuma babu wanda ya yi jayayya a kan cewa tacewa take yi. Rigimar ita ce wa take tacewa.

Alƙalin hukumar ya duba lafiyar Thomas ya ce har yanzu jikinta zai iya aikin tuƙa lif, don haka ta faɗi a sharaɗin farko, babu tallafi. Ita kuma ta ce wane aikin lif? Na'urorin sun koma masu tuƙa kansu, aikin ya kusa ƙarewa a ƙasar. Hujjarta ta nahawu ce tsantsa: gangar ƙarshen ta kama sharuɗɗan biyu, don haka “aikinsa na da” ma dole ya zama aikin da har yanzu ake samu. In ba a samunsa, ba za a ce tana iya yin sa a hana ta ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanki na uku ta yarda da ita, ta jingina da kalmomin “any other”. A ganinta, in ka ce “aikinsa na da ko wani aikin dabam da ake samu”, kalmar “dabam” ta nuna aikin na da ma yana cikin jinsin ayyukan da ake samu.

Hujja ce mai ƙarfi, kuma da Hausa ma tana da daɗin ji. Amma a watan Nuwamba na 2003, a shari'ar da aka sani da Barnhart v. Thomas, Kotun Ƙolin Amurka ta soke wannan hukunci, alƙalai tara baki ɗaya. Mai shari'a Antonin Scalia ne ya rubuta. Ya dogara da wata tsohuwar ƙa'idar fassarar doka wadda ke cewa ganga mai tacewa, a bisa al'ada, abin da ke dab da ita take kamawa, ba ta tsallaka ta kamo na nesa. Sai ya kawo misali daga cikin gida. Iyaye za su yi tafiyar ƙarshen mako, suka ce wa ɗansu matashi za a hukunta shi in ya tara abokai ya yi shagali, ko ya yi wani abin dabam da ya lalata gidan. Suka dawo suka tarar ya yi shagalin amma ko kofi bai fashe ba. Shin zai tsira da cewa ai gidan bai lalace ba? Scalia ya ce a'a. An hana shagalin ne kai tsaye, sharaɗin ɓarna kuwa na sauran abubuwan ne da iyayen ba su iya lissafawa ba. Kalmar “dabam” ba ta jawo sharaɗin baya ba.

Akwai wani abu a nan da ya dace a lura da shi. A misalin iyayen, Scalia ya yi amfani da “that”, ya ce “any other activity that damages the house”. Dokar kuwa “which” ta ce. Ya auna su a sikeli ɗaya bai ko ambaci bambancin ba, domin babu bambancin da ya shafi hukunci. Wanda ya shiga kotu da hujjar cewa “which” ce don haka ƙarin bayani ce, ba rariya ba, zai fito hannu rabbana.

Kuma ba nahawu kaɗai kotun ta tsaya a kai ba. Ta ce ƙa'idar abin da ke dab ba ta yanke magana, wasu alamu a cikin dokar na iya rinjayarta. Ta duba ko karatun hukumar yana da ma'ana, ta ga yana da ita: majalisa na iya ɗaukar iya yin tsohon aiki a matsayin ma'aunin cewa jikin mutum na iya wani aikin, ba tare da an bi kowane mai nema ana binciken ko sana'arsa tana raye ba. Ni dai ina jin zafin abin ga matar da aka ce tana iya aikin da babu shi. Amma ginin jimlar yana tare da kotun. “Not only” da “but” sun raba sharuɗɗan gida biyu, kowanne da aikatau nasa, kuma akwai doguwar magana a kan shekaru da ilimi a tsakani. Kafin gangar ta kai ga “previous work” sai ta haura duk wannan katanga.

To da a ce akwai waƙafi kafin “which” fa? Da lauyan Thomas ya samu abin riƙewa, saboda kotunan Amurka sun daɗe suna cewa idan aka raba bayanin ƙarshe da jerin da waƙafi, alama ce cewa ya shafi jerin duka. An ga haka a 2021 a shari'ar Facebook v. Duguid. Wata dokar 1991 ta hana kiran wayar mutane ko tura musu saƙo da na'urar buga lamba ta atomatik ba da izininsu ba, kuma diyyar kowane saƙo dala 500 ce, tana iya ninkawa uku in da gangan ne. Dokar ta bayyana na'urar da cewa ita ce mai iya

“to store or produce telephone numbers to be called, using a random or sequential number generator”

wato ta adana ko ta samar da lambobin da za a kira, ta hanyar amfani da abin da ke ƙirƙiro lambobi barkatai ko a jere. Noah Duguid ya riƙa samun saƙonnin gargaɗi daga Facebook alhali ba shi da asusu. Ya ce na'urar kamfanin tana adana lambobi tana tura saƙo da kanta, kuma sharaɗin ƙirƙiro lambobi ya kama “produce” ne kaɗai, bai kama “store” ba. Kotun Ƙoli, ta bakin mai shari'a Sonia Sotomayor, ta ƙi. Cikin dalilanta har da waƙafin da ke gaban “using”, wanda ta ce ya nuna sharaɗin ya hau kan aikatau biyun. Na'urar Facebook ba ta ƙirƙiro lambobi, don haka dokar ba ta kama ta ba. Wannan yanki ba da “which” ya fara ba, amma aikin tacewa yake yi, kuma ga shi da waƙafi a gabansa.

Nan ne wahalar take. Waƙafi ɗaya, a wuri ɗaya, yana iya nufin abu biyu masu karo da juna. A kundin 1984 ya ce gangar ta daina tacewa. A shari'ar Duguid ya ce tacewar ta faɗaɗa ta kama jerin duka. Ɗauki jimlar da na ƙirƙira don gwaji:

“No person shall import rice or maize, which is unfit for consumption.”

Mai shigo da shinkafa mai kyau zai ce waƙafin ya nuna sharaɗin lalacewa ya shafi shinkafa da masara duka, don haka kayansa halal ne. Jami'in kwastan zai ce waƙafin ya mayar da gangar ƙarin bayani, an hana shigo da duka biyun, mai kyau da marar kyau. In aka cire waƙafin kuma rigima ta uku ta taso, domin bisa ƙa'idar abin da ke dab, masarar da ta lalace kaɗai aka hana, shinkafa kuwa an hana ta ko lafiyarta ƙalau. Sauya “which” zuwa “that” zai kashe karatun jami'in kwastan, amma ba zai ce komai ba a kan ko sharaɗin ya kai ga shinkafa. Wannan ita ce iyakar shawarar Fowler: tana maganin tambayar farko, ba ta taɓa ta biyu.

Ƙwararrun masu tsara doka ba sa barin irin wannan nauyi a wuyan waƙafi. In ana son sharaɗin ya kama duka, sai a kawo shi gaba, a ce “unfit rice or unfit maize”, ko a sa jerin a ƙananan sassa (a) da (b) sannan a rubuta sharaɗin a layinsa dabam a ƙasansu, inda ido zai ga ya rufe su duka. In na ƙarshen kaɗai ake nufi, sai a juya jerin, a fara da masarar da sharaɗinta, a rufe da shinkafa, yadda babu abin da zai biyo bayanta. Ganga mai ƙarin bayani kuwa, a ganina, ba ta da wurin zama a jimlar da ke hani ko umarni. Doka ba labari take bayarwa ba. In bayanin yana da muhimmanci a ba shi jimlarsa, in ba shi da shi a cire, domin duk abin da aka bari a tsakanin waƙafi biyu wata rana lauya zai ce sharaɗi ne.

Mai fassara zuwa Hausa ya fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin Hausa tana tilasta masa ya zaɓa. In ya ce “shinkafa ko masarar da ta lalace”, ya manna sharaɗin a jikin masara, ya yanke hukuncin da watakila Turancin bai yanke ba. In ya ce “shinkafa ko masara waɗanda suka lalace”, jam'in ya kamo duka biyun. Lokacin da za a karanta sanarwar a rediyo kuma babu waƙafin da mai sauraro zai gani, sai dakatawar mai karatu, wadda ke iya faɗawa inda numfashinsa ya ƙare. Don haka kafin ya rubuta kalma ɗaya ta Hausa, ya kamata ya zare gangar ya ga ko hukuncin ya tsaya, sannan ya ƙirga abubuwan da ke gabanta ya tambayi kansa nawa ta kama. Inda Turancin ya ɗauki karatu biyu da gaske, ya koma wa wanda ya ba shi aikin, kada ya zaɓa masa a ɓoye.

A Nijeriya ba a ɗauki waƙafi abin wasa ba. Dokar Fassara ta 1964, a sashe na 3, ta ce alamomin rubutu ɓangare ne na doka kuma za a yi la'akari da su wajen fassara ta, sannan sashe na 318 na Kundin Tsarin Mulki ya ce da wannan doka ake fassara kundin kansa. Sai dai “a yi la'akari” ba ya nufin a bi ido rufe. Koma sashe na 4 na kundin, ka hau layi ɗaya sama da inda muka fara. Ƙaramin sashe na 8 ya hana majalisa yin dokar da za ta ƙwace hurumin kotu, kuma a bugun da aka fi yaɗawa an rubuta shi haka: “shall not enact any law, that ousts or purports to oust the jurisdiction of a court of law”. Ga waƙafi a gaban “that”, inda littafin nahawu ya ce ba a sa shi. Wanda ya bi waƙafin ya ɗauki gangar a matsayin ƙarin bayani, ya zare ta, zai tarar kundin ya ce majalisa kada ta yi kowace doka, a cikin sashen da ya ba ta ikon yin dokoki. Karatu ɗaya ne kawai ke tsayawa: gangar rariya ce, dokar da ta ƙwace hurumin kotu ita aka hana, sauran kuwa majalisa na da ikon yin su.